Sakan Huɗu Marasa Ƙarshe: Yadda Ake Haɗa Bidiyo Mai Zagayowa

Akwai irin gajeren bidiyon da mutum zai zuba wa ido a TikTok ko Instagram, sai can ya farga ashe sau uku ke nan yana kallon abu ɗaya. Fanka na juyawa, tururi na tashi daga bakin buta, rubutun talla na ɗan lilo, amma bai ga inda abin ya ƙare ba, balle inda ya sake farawa. Akwai kuma ɗaya irin, wanda ya fi yawa, da duk bayan 'yan sakanni sai hoton ya yi tuntuɓe: ya ɗan tsaya, ko ya zabura, kafin ya ci gaba. Mai kallo ba lallai ya iya faɗin abin da ya faru ba, amma idonsa ya gani, kuma yatsansa ya riga ya wuce zuwa na gaba.

Sau da yawa abin da ya raba waɗannan biyun bai wuce hoto ɗaya tak ba.

Dabarar ta girmi wayar hannu, ta ma girmi silima. A 1832 wani masanin kimiyya ɗan ƙasar Beljiyam, Joseph Plateau, ya jera zane-zane a gefen faifan kwali, ana juya shi a gaban madubi ana leƙawa ta ƙananan tsagu, sai zanen ya yi kamar yana motsi. Tunda faifai ba shi da farko ba shi da ƙarshe, dole zane na ƙarshe ya miƙa wa na farko hannu. Kamfanin CompuServe ya fito da tsarin GIF a 1987, sannan a 1995 manhajar shiga intanet ta Netscape ta ƙara masa damar maimaita kansa ba tsayawa. Daga baya manhajar Vine, wadda ta fito a 2013 da bidiyonta na sakan 6, ta mai da maimaituwar abin gasa, har ta riƙa nuna adadin zagayen da kowane bidiyo ya yi. Vine ta rufe a 2017, amma ɗabi'ar ta zauna: TikTok da Reels da Shorts duk suna sake kunna bidiyo da kansu idan ya kai ƙarshe.

Hoton da ya yi yawa

Bidiyo jerin hotuna ne marasa motsi da ake nunawa a guje. Kowane guda daga cikinsu masu sana'ar na ce masa firam. Fim ɗin silima na tafiya da firam 24 a sakan ɗaya, yawancin bidiyon waya kuwa 30.

Shawarar da sabon shiga ke fara ji ita ce ya sa firam na farko da na ƙarshe su zama iri ɗaya. Shawarar tana da rabin gaskiya, kuma ɗaya rabin ne ke ɓata aiki.

A ɗauki fankar sama da aka zana, ana so ta yi juyi ɗaya cikin sakan ɗaya. Juyi cikakke digiri 360 ne, an raba shi gida 30, kowane firam ya samu digiri 12. Firam na farko, wanda manhajoji da yawa ke lissafawa da 0, yana kan digiri 0. Na gaba yana kan 12, na gabansa 24, haka har firam na 29, wanda ke kan digiri 348. A nan ya kamata bidiyon ya tsaya. Daga 348 in aka ƙara 12 an isa 360, kuma 360 ɗin nan shi ne dai 0 da aka fara da shi. Idan mai aikin ya bar firam mai digiri 360 a ƙarshen bidiyon, to hoto ɗaya za a nuna sau biyu a jere: sau ɗaya a matsayin ƙarshe, sau ɗaya a matsayin farko. Fankar za ta daskare na ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba, amma saboda sauran motsin duk yana tafiya sumul, wannan 'yar tsayuwar sai ta fito fili a kowane zagaye.

Agogon waya ya san wannan. Yana ƙirga sakanni har 59, daga nan sai 00. Bai taɓa nuna 60 sannan ya sake nuna 00 ba.

Saboda haka ƙwararru na yin abin kashi biyu. Da farko suna sa matsayin ƙarshe ya zama daidai da na farko, ta hanyar kwafo alamar farko, wadda manhajoji ke rubutawa keyframe, su manna ta a ƙarshe. Sannan su yanke bidiyon firam ɗaya kafin a isa wannan alamar. A manhajar Blender, wadda kyauta ake sauke ta, ƙirga na farawa daga 1: alamar farko a firam 1, kwafinta a firam 31, sai a rubuta 30 a akwatin End. A After Effects ƙirga na farawa daga 0, don haka kwafin na zama a firam 30, bidiyon kuma ya ƙare a 29. Mai zanen hannu a FlipaClip ba shi da alamomi, amma dokar ba ta sauya ba: zanensa na ƙarshe shi ne matakin da ke gab da na farko.

Teburin mai shayi

Abu ɗaya mai motsi ba ya wahalar da kowa. Rigimar na farawa ne idan sun kai uku ko huɗu, kowanne da saurinsa.

A ɗauka wani matashi mai haɗa hotunan talla ya karɓi aikin yi wa mai shayin unguwarsu ɗan bidiyon da za a sa a intanet. Hoton a tsaye yake, faɗi 1080, tsawo 1920, firam 30 a sakan. A ciki akwai tebur da gwangwanayen madara da burodi, waɗanda ba sa motsi. Masu motsin su ne fanka, da ƙwan lantarki da ke rataye yana lilo, da rubutun sunan wurin da ke haske yana dusashewa, da tururin buta.

Kafin ya taɓa komai, sai ya yanke tsawon zagayen gaba ɗaya. Ya zaɓi sakan 4, wato firam 120. Ba don lambar ta yi masa kyau ba ne. Dalilin shi ne 120 na rabuwa ba saura da lambobi da yawa, irin su 10, 12, 15, 20, 24, 30, 40 da 60, kuma kowane abu mai motsi dole ya kammala zagayensa cif a cikin wannan 120 ɗin. Fanka ta ɗauki firam 30, za ta juya sau 4. Ƙwan lantarki ya ɗauki 60, zuwa da dawowa, zai yi lilo sau 2. Rubutu ya ɗauki 40, zai haska sau 3. Idan aka isa ƙarshen sakan na huɗu, dukkansu sun dawo inda suka tashi a lokaci guda.

Yanzu a ce ya kalli lilon ƙwan, ya ga kamar ya yi nawa, ya mai da shi firam 50. A ido sauyin ƙarami ne. A lissafi kuwa ya rusa komai, domin 50 ba ta raba 120: idan bidiyon ya ƙare, ƙwan ya yi lilo biyu ya shiga na uku, yana can gefe guda, sai kawai a ga ya yi tsalle ya koma mafarinsa. In kuma aka ce sai an jira ranar da 30 da 40 da 50 za su sake haɗuwa, sai an kai firam 600, sakan 20 cur. Bidiyon ya ninka sau biyar saboda ƙwan lantarki ɗaya. Mafita ita ce ya zaɓa daga lambobin da 120 ta yarda da su: ko ya bar shi a 60, ko ya sauko 40.

Wani zai ce me zai hana a ba su duka tsawo ɗaya a huta? Ana iya yi, amma sakamakon ba ya daɗin kallo. Idan fanka da ƙwai da rubutu duk suna komawa mafari kowane sakan ɗaya, ido na kama tsarin nan take. Bambancin 30 da 40 da 60 ne ke sa abubuwan su riƙa saɓawa juna a tsakiya, su haɗu sau ɗaya kawai, a wurin da ba wanda ke tsammani.

Fankar ma tana da wata rangwame. In fukafukanta uku ne kuma kamarsu ɗaya, ba sai ta cika digiri 360 ba kafin hoton ya koma yadda yake. Digiri 120 ya isa. Amma in mai zanen ya ɗiga wa fiffike ɗaya tsatsa don ta yi kama da ta gaske, rangwamen ya tashi, sai juyi cikakke.

Ba sai an zauna ana kwafar alamomi sau huɗu ba. A After Effects ana yin zagaye ɗaya, sannan a rubuta wannan a kan motsin:

```
loopOut("cycle")
```

A Blender aikin na hannun abin da ake kira Cycles a cikin Graph Editor.

Matsayi ya dace, sauri bai dace ba

Akwai bidiyon da lissafinsa ya fita daidai, babu firam da aka maimaita, amma duk da haka ana ganin mahaɗarsa. Fanka na zuwa ƙarshen juyi sai ta rage gudu kamar an ɗauke wuta, sannan ta sake ɗaukar sauri. Laifin na wata kyautatawa ce da manhaja ke yi: tana sassauta motsi a farkonsa da ƙarshensa don kada ya yi kama da na inji. Blender na yin haka da kansa in ba a hana shi ba, a After Effects kuma shi ne abin da Easy Ease ke yi. Ga hannun da ke ɗaga kofi, wannan sassautawar ita ce daidai. Ga fanka ko tayar mota ko gajimare mai wucewa, kuskure ce, sai a mai da motsin Linear, wato sauri ɗaya daga farko har ƙarshe.

Ƙwan da ke lilo kuwa akasin haka yake so. Duk abin da ke rataye yana rage gudu idan ya kusa ƙarshen gefe, ya ɗan tsaya, sannan ya juyo, kuma ya fi sauri a tsakiya. Wannan ya ba mai aikin wurin ɓuya mai kyau: ya fara bidiyon lokacin da ƙwan ke can ƙarshen gefe, inda dama motsin ya kusa mutuwa. Ko da ɗan kuskure a mahaɗar, a nan ba zai fito ba. In ya fara daga tsakiyar lilon, dole saurin fita da na shigowa su zo daidai, su kuma fuskanci gefe ɗaya.

Irin wannan motsin na zuwa da dawowa shi ne Instagram ta mai da manhaja a 2015 da sunan Boomerang: a nuna hotuna gaba, a sake nuna su da baya. Hanya ce mafi sauƙi, amma tana da tarko a gefe biyu, domin firam na can ƙarshe da na farko duk suna iya maimaituwa. Don samun firam 60, ana tafiya daga 0 zuwa 30, sannan a dawo daga 29 zuwa 1. Kuma ba kowane abu ne ke jure a juya shi ba. Lilo zai jure, gyaɗa kai zai jure. Mai shayi da ke tsiyaya shayi daga kofi zuwa kofi ba zai jure ba, sai dai in ana son a ga shayin na hawa sama yana komawa inda ya fito.

Tururi ba ya maimaita kansa

Saura buta. Tururi, hayaƙi, ruwa mai gudu da harshen wuta ba su da zagaye. Ba za su taɓa komawa siffar da suka yi ɗazu ba. Idan matashin ya ɗauki tururin gaske da kyamara don ya ɗora a kan zanensa, ba shi da firam biyu masu kama da juna da zai haɗa.

Dabarar a nan ita ce a ɗauke mahaɗar daga baki a kai ta tsakiya. Yana buƙatar sakan 4, don haka sai ya ɗebo sakan 5. Ya yanka shi biyu daidai a sakan biyu da rabi. Ya ɗauko rabin baya ya sa a gaba, rabin gaba ya koma baya. Yanzu farkon bidiyon da ƙarshensa wuri ɗaya ne da aka yanka, saboda haka suna bin juna ba tangarɗa, tunda dama a jere kyamara ta ɗauke su. Tangarɗar ta koma tsakiya, inda tsohon ƙarshe ya haɗu da tsohon farko. A nan sai ya ɗora ɗaya kan ɗaya na tsawon sakan guda, wannan na dusashewa wancan na bayyana. Sakan ɗayan da suka hau juna ya fita daga lissafi, biyar ta koma huɗu. Tururi abu ne marar tsayayyar siffa, ido ba ya gane lokacin da wani ya narke cikin wani. Ana iya yin wannan duka a CapCut a kan waya.

Sharaɗin shi ne kyamarar ta kafu a kan ƙafarta ko a jingine ta da wani abu, a kuma kulle haskenta. Wayar da aka riƙe a hannu tana ɗan karkata, kuma tana gyara haske da kanta. A wurin narkewar sai a ga buta ta zama biyu, ko bango ya sauya launi. Wannan salon na hoto tsayayye mai abu ɗaya da ke motsi, masu ɗaukar hoto biyu a birnin New York, Jamie Beck da Kevin Burg, su suka yayata shi a 2011.

Mai shayin zai iya cewa a sa masa Keke Napep na wucewa a baya don wurin ya yi rai. Ana iya yi: keken ya fara daga wajen hoton gaba ɗaya, ya fice gaba ɗaya kafin ƙarshe. In faɗinsa 400 ne, tafiyar da zai yi 1480 ce, ba 1080 ba, in ba haka ba za a ga wutsiyarsa ta ɓace a bakin hoto. Sai dai mai aikin da ya san abin da yake yi zai ba shi shawarar a bari. Keke ɗaya mai launin rawaya da ke ɓullowa duk sakan huɗu shi ne zai fara tona asirin cewa bidiyon maimaici ne. Duk wanda ya kalli tsofaffin katun na Hanna da Barbera, irin su The Flintstones na 1960, zai tuna yadda ake gudu a cikin ɗaki ana wuce taga ɗaya da kujera ɗaya sau da yawa. Su sun yi ne don rage kuɗin zane, kuma ko yara suna ganewa.

Idan da kiɗa

Da zarar an sa kiɗa, shi ke yanke tsawon zagaye, ba hoto ba. Kiɗan da ke bugu 120 a minti ɗaya yana ba da bugu ɗaya kowane rabin sakan, wato firam 15, kuma bugu takwas sun cika firam 120 daidai. Matashin ya yi sa'a. In kiɗan mai bugu 100 ne, kowane bugu firam 18 ne, takwas sun zama 144, sai a koma a sake raba fanka da ƙwai da rubutu bisa 144: misali 36 da 72 da 48. Shi ya sa ake zaɓen kiɗa kafin a fara motsa komai. Kunne ya fi ido rashin haƙuri. Bugun da aka yanke a tsakiya kowa zai ji shi, ko wanda bai san komai game da bidiyo ba.

Gwaji, da abin da ke faruwa bayan an fitar

Ba a gwada zagaye da kallonsa sau ɗaya. Ana fitar da fayil ɗin, a dawo da shi cikin manhaja, a jera shi sau uku, a je daidai mahaɗar a riƙa matsawa firam ɗaya-ɗaya. Irin aibin da aka gani shi ke faɗin inda ciwon yake. In an danna gaba hoton bai sauya ba, an maimaita firam. In wani abu ɗaya ya yi tsalle sauran suna lafiya, tsawon zagayensa bai raba jimillar ba. In motsi ya lafa ya sake tashi, sassautawa ce. In hoton gaba ɗaya ya ɗan ƙara kaifi farat ɗaya, wannan aikin matse fayil ne: ana ajiye firam na farko cikakke, na bayansa kuwa bambancinsu kawai ake ajiyewa, don haka na ƙarshe kan ɗan fi na farko dusashewa. Fitar da bidiyon da inganci mai yawa yana rage wannan, ko da yake dandalin da aka ɗora shi zai sake matse shi yadda ya ga dama.

Tsarin GIF na da tasa matsalar. Yana auna zaman kowane firam da kashi ɗaya cikin ɗari na sakan, kuma ba ya karɓar gutsure. Firam 25 a sakan na nufin kashi 4 kowanne, firam 20 kashi 5, duk sun fita. Firam 30 kuwa na buƙatar uku da ɗigo, abin da GIF ba zai iya rubutawa ba, sai saurin ya ɗan sauya ko ya riƙa tangal-tangal. Wanda ya san aikinsa GIF zai zama, gara ya fara shi da 25 ko 20 tun farko. Sitika mai motsi ta WhatsApp ma ƙa'idarta a matse take, faɗi da tsawo 512, nauyi kada ya wuce kilobait 500, saboda haka zagaye gajere mai firam kaɗan ne ke shiga.

Abu na ƙarshe ba ya hannun mai aikin. Wasu manhajojin kan ɗan yi jinkiri lokacin da suke komawa farkon fayil, musamman a waya mai ƙaramin ƙarfi, kuma sautin da aka matse yakan zo da ɗan guntun shiru a bakinsa. Sitatus na WhatsApp ma ba ya zagayowa sam. Yana gamawa ya wuce na gaba. Maganin duka biyun ɗaya ne: a maimaita zagayen a cikin fayil ɗin kansa. A jera sakan huɗun nan sau huɗu a CapCut, a shimfiɗa kiɗan a kansu a matsayin abu ɗaya, a fitar da bidiyo mai sakan 16. Mahaɗa uku na ciki suna hannun mai aikin kuma sumul suke. Ta huɗun ce kawai aka bar wa manhaja. Mai kwamfuta da ke da ffmpeg zai iya yi da layi ɗaya, ba tare da an sake matse hoton ba:

```
ffmpeg -stream_loop 3 -i shayi.mp4 -c copy shayi16.mp4
```

Lambar 3 ce a wurin, ba 4 ba, domin umarnin na ƙirga ƙarin da za a yi ne bayan kunnawar farko. Ya fi kyau a yi wannan da fayil marar sauti, a ɗora kiɗan daga baya, don kada guntun shirun nan ya shiga kowace mahaɗa.